Wa Ya Kamata Ya Fara Zuwa?

In 'yan'uwa sun ɓata, wa zai fara neman sulhu, mai laifi ko wanda aka cuta? Mukan ce mai laifi. Amma kowa a ransa shi aka cuta.

A Kwanyawa, wajen Karaye, wa da ƙane suka yi faɗa kan iyakar gonar gado. Damina huɗu ba sa gaisawa. Da matar ƙanen ta haifi ɗa namiji, sai ya aika wa wansa goron suna. Wan bai mayar ba, bai kuwa ce zai zo ba. Ran bakwai da sassafe sai ga shi, ya zauna can baya. Aka raɗa wa yaron sunan ubansu marigayi. Ƙanen ya miƙa masa jaririn, ya ce, "Yaya, ga Baba ya komo." Wan ya karɓa, hawaye na zuba, ya ce, "Allah ya raya mana."

Waɗansu sun ce kunyar jama'a ce kawai, tun da ba a daidaita iyakar ba. Mu ba mu yarda ba. Isuwa ma, cikin Farawa 33, ya rungume Yakubu kafin a yi zancen kyautai. Bayan kwana uku suka tafi gonar tare da dattawa biyu, suka dasa aduruku a kan iyakar.