Kada Ka Bar Tambaya Sai Ka Gwada Amsarta

Ɗana, na rubuto maka wannan ne a haɗe da takardar aikinka ta lissafi, don ka karanta a natse idan ka koma gida. Ka ga jan biro ya yi yawa a kanta, kuma na san ranka ba zai so ba. To, ka sani cewa wuraren da na ja wa layi, kusan dukansu abubuwa ne da ka iya. Da zan tsayar da kai a gaban allo in tambaye ka su ɗaya bayan ɗaya, da ka amsa daidai. Abin da yake cinye maka maki gaggawa ce. Kana rubuta amsa, idonka ya riga ya tsallaka tambaya ta gaba, biro bai gama sauka ba hankali ya tashi. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa, kuma a takardarka hakan ta faru: ka riga kowa ajiye biro, ga shi yanzu sai ka sake aikin daga farko.

Abin da nake nema a wurinka guda ɗaya ne. Duk amsar da ka rubuta, ka gwada ta kafin ka taɓa tambaya ta gaba. Gwadawa kuwa ta wuce ka kalli amsa ka gyaɗa kai. Ita ce ka bi wata hanya dabam ka ga ko za ta kawo ka wuri guda. Bari in nuna maka da aikinka.

Dubi tambayar ɗebewa, inda aka ce a cire 278 daga 503. Ka rubuta 375. Na gane yadda ka same ta: a kowane gida ka cire ƙaramar lamba daga babba, 3 daga 8, 0 daga 7, 2 daga 5, don kada ka tsaya yin aro. Da ka gwada, da ba ta wuce ka ba. Abokiyar gwajin ɗebewa ita ce tarawa: ka haɗa amsarka da abin da aka cire, dole su mayar da kai lambar farko. 375 a tara da 278 ya ba da 653, mu kuwa daga 503 muka tashi, ashe akwai matsala. Amsar gaskiya 225 ce, kuma 225 da 278 sun koma 503 cif. Haka rabawa take da ninkawa. In ka raba 156 gida 12 ka sami 13, sai ka ninka 13 sau 12 ka ga ko 156 za ta dawo.

Sai tambayar nemo x, wadda aka rubuta 2x − 6 = 14. Ka ce x ita ce 4. Ka cire 6 daga 14 maimakon ka ƙara, ka sami 8, ka raba biyu. Irin wannan kuskure ya fi haɗari, domin amsar ta fito tsaf babu saura, sai mutum ya ji zuciyarsa ta kwanta. Fitowar amsa da kyau ba hujja ba ce. Hujja ita ce ka mayar da ita cikin tambayar: 2 sau 4 takwas ne, a cire 6 saura 2, alhali 14 ake nema. Sa 10 a wurin ka gani: 2 sau 10 ashirin, a cire 6 saura 14. Wannan gwaji bai fi numfashi biyu ba, kuma da shi kai da kanka za ka san ka ci tambayar tun kafin takarda ta zo hannuna.

Wataƙila ka ce, ai malam, zan iya gama duka sannan in dawo in duba. Tambayar ɗan kasuwar shinkafa ce za ta ba ka amsa. An ce ya sayi mudu 24, kowanne a kan naira 1,750, ya biya naira 3,000 kuɗin mota, ya sayar da kowane mudu naira 2,100. Aka tambaye ka abu huɗu a jere: kuɗin saye, jimillar abin da ya kashe, ribarsa, da kashi nawa cikin ɗari ribar ta kama. A mataki na farko ka ninka 1,750 sau 4 ka sami 7,000, daidai ne. Ka ninka sau 2 ka sami 3,500, ka manta cewa 2 ɗin nan a gidan gomomi take, wato 20 ce, kuma 35,000 ya kamata ta ba ka. Sai ka tara ka rubuta 10,500 a matsayin kuɗin saye, alhali 42,000 ne.

Daga nan duk abin da ka yi hanyarsa daidai ce, amma a kan lambar da ba ita ba. Ka ƙara kuɗin mota ka sami 13,500 maimakon 45,000. Kuɗin sayarwa ka same shi daidai, 50,400. Ka cire ka ce ribarsa 36,900, alhali 5,400 ce. A ƙarshe ka rubuta cewa ya ci ribar sama da kashi 270 cikin ɗari, inda amsar take kashi 12. Sifili ɗaya da ka bari a layin farko ya ɓata maka amsa huɗu. Da ka dawo a ƙarshe, sai ka goge rabin shafi. Da ka tsaya a matakin farko, layi ɗaya za ka gyara.

Kuma tsayawar ba ta buƙatar sake ninkawa. Ƙiyasi ya isa. Mudu ɗaya ya kusa naira 2,000, mudu goma kaɗai sun kai 17,500. Ta yaya mudu 24 za su tsaya a 10,500? Kai da ake aike kasuwa ka san wannan ba ya yiwuwa. Haka ribar ƙarshe: wane ɗan kasuwa ne zai sayi mudu 1,750, ya sayar 2,100, ya ninka uwar kuɗinsa kusan sau uku a riba? Kafin ka bar kowace amsa, ka tambayi kanka ko hankali zai ɗauke ta. In an tambayi shekarun yaro ka sami 140, ko tsawon aji ka sami santimita 9, lissafin ya kauce ko da ba ka ga inda ya kauce ba tukuna.

Akwai wani dalili kuma da ya sa duban ƙarshe ba ya maye gurbin duban nan take. Lokacin da ka gama tambaya, duk sharuɗɗanta suna kanka: abin da aka bayar, abin da ake nema, inda ka yi aro. Bayan ka wuce tambaya goma sun bar kanka, sai ka sake karantawa daga tushe, ga gajiya, ga lokaci ya ƙure. Mafi yawan masu cewa za su dawo, ido kawai suke bi da shi a kan abin da suka rubuta, ido kuwa yana yarda da rubutun mai shi. Ka ga yadda ake yi da canji a kanti: a gaban mai kanti ake ƙirga shi, domin in ka kai gida ka ga bai cika ba, magana ta yi wuya.

Sai dai gwaji yana da iyaka, kuma ina so ka san ta. In ka kwafi 278 a matsayin 287, ka cire daga 503 ka sami 216, ka tara don gwaji, lissafi zai koma 503 lafiya lau, kuma amsar kuskure ce. Gwajin ya tabbatar da aikinka, bai tabbatar da cewa tambayar da aka yi maka ka amsa ba. Saboda haka matakin farko na dubawa shi ne ka koma kan tambayar da aka buga, ka sa yatsa a kan lambobinta, ka karanta jimlarta ta ƙarshe. An ce riba ko kuɗin sayarwa? An ce a mita ko a santimita? An ce kewaye ko faɗin fili? A tambayar lambu mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5, ka rubuta 40, lissafinka bai yi kuskure ba, amma tsawon wayar da za ta zagaye lambun aka tambaya, wato mita 26. Ka kula da wannan sosai saboda jarrabawar zaɓi-ɗaya da ke gabanka. Masu tsara irin waɗannan tambayoyi sukan sa amsar mai gaggawa a cikin zaɓin, sai ka ga 40 tana zaune a jere da 26, ka zaɓe ta da murna.

Ban ce ka zauna kana juya tambaya ɗaya sau uku ba, wannan kuma wasiwasi ne, shi ma yana cin lokaci. Gwaji ɗaya ta hanya dabam ya wadatar. In ya yi daidai ka wuce, kada ka waiwaya. In bai yi ba, ka nemi layin da ya karkace, ka ja masa layi ɗaya, ka gyara a gefe, kada ka murje shi har ya ɓace, don ina so in ga inda ƙafarka take zamewa. In kuwa tambaya ta gagare ka gaba ɗaya, ka yi mata alama ka wuce da saninka. Wanda ya bar tambaya ya san bai amsa ta ba ya fi wanda ya cike gurbi da abin da bai gwada ba.

A nan ne maganar ta shafi hali. Idan ka miƙo mini takarda, kamar ka ce ne, malam, ga abin da na tabbatar. In ba ka gwada ba, ka ba da shaida a kan abin da ba ka sani ba, kuma ka ɗora wa wani aikin da yake naka. Yau ni ne nake kama kuskuren da jan biro, asararsa maki biyu ko uku. Mai auna magani, da mai lissafin albashin ma'aikata, da tela mai yanka yadin mutane, babu mai bin bayansu da jan biro, kuma dukansu a kan irin takardar nan suka koyi tsayawa ko suka koyi wucewa. Na lura kana ɗaga kai ka ga ko wani ya riga ka gamawa. Babu makin da ake bayarwa don an riga kowa, kuma garaje ba ƙarfi ba ne. Saurin hannunka baiwa ce, ba na so ka rasa ta. Ina so ne ka kashe rarar lokacin da take ba ka a kan gwaji.

Ga aikinmu na darasi mai zuwa. Ka ja layi a gefen dama na takardarka, ka bar fili kamar faɗin yatsa uku. A gaban kowace amsa ka rubuta gwajinta a wannan fili: tarawar da ta tabbatar da ɗebewa, ko lambar da ka mayar a gurbin x, ko ƙiyasin da ka yi. Amsar da babu gwaji a gabanta ba zan duba ta ba, ko da daidai ce. Na rage tambayoyin daga ashirin zuwa goma sha biyu don kada ka ce lokaci ne ya hana ka. Ka fara da sake tambayar ɗan kasuwar shinkafa, ka kawo mini ita tare da sabon aikin.

Ka gaishe mini da Baba da Mama. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara basira.

Malaminka.