Zuwa ga 'ya'yana da suka shiga gasar hotunan noman rani

Na ga ya dace in rubuto muku wannan takarda, domin tun ranar da aka bayyana sakamako wasunku suke tare ni a hanya, wasu su turo iyayensu, tambayar kuma ɗaya ce: yaya aka yi hoton da kowa ya ce ya fi kyau bai zo na ɗaya ba? Kuna da haƙƙin ku ji amsa. Wanda ya tashi da asuba ya taka raɓa har bakin kanal don ya ɗauki hoto bai kamata a sallame shi da lamba kawai ba.

Mu uku ne alƙalai, kuma ba mu ga sunan kowa ba. Magatakarda ne ya karɓi hotunan, ya cire sunaye, ya ba kowane hoto lamba, ya kulle takardar sunayen har muka gama. Don haka wanda ya ce an duba ɗan wane, ko an fifita 'yan Kura a kan 'yan Bunkure, ya ɗauki alhakinmu. Kowane alƙali ya ba da makinsa shi kaɗai, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sannan aka haɗa ukun aka raba gida uku.

Maki ɗari ne, amma ba a raba su daidai ba. Arba'in na labarin da hoton ya ba da ne, ashirin na haske, ashirin na tsarin hoton, goma na kaifinsa, goma kuma na bayanin da kuka rubuta a ƙasansa. Ku dubi arba'in ɗin nan da kyau, domin a nan aka yi tsere. Jigon da aka ba ku shi ne ruwa da aikin noman rani a wannan yanki namu. Ruwan nan yana tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, har ya shiga fangalin alkama da tumatir da albasa a Kadawa da kewayenta. Tambayar da muka yi wa kowane hoto ita ce: in aka nuna shi ga mutumin Sakkwato ko Maraɗi da bai taɓa zuwa nan ba, me zai sani game da wannan ruwa da mutanen da ke ci daga gare shi?

Bari in ɗauki hotuna biyu in warware muku su, don da su za ku fi ganewa.

Hoto mai lamba 14 shi ne wanda kuka fi so, faɗuwar rana a kan babban kanal. Gaskiya ya yi kyau. Sararin sama ja wur, ruwa ya ɗauki launin, layin kanal ya miƙe ya ja ido har ƙarshen hoton. Na ba shi 19 cikin 20 a haske, 16 a tsari, 9 a kaifi. Amma da na zo kan labari sai na tsaya ina neman abin da ya ce, ban samu ba. Babu manomi, babu gona, babu alamar cewa wannan ruwa aiki yake zuwa yi. Da an ce mini a wata ƙasa aka ɗauke shi da ba ni da hujjar musawa. Na ba shi 18 cikin 40. Bayaninsa kuma kalma biyu ne, yabon yamma, ba wuri ba wata, sai ya samu 3. Jimla 65.

Ɗaya daga cikin abokan aikina ya ba wannan hoto 84, na ukunmu ya ba shi 67. Ƙa'idarmu ita ce duk hoton da tazarar da ke tsakanin makinsa mafi sama da mafi ƙasa ta wuce 15, sai mu ajiye alƙalami mu tattauna. Nan tazarar 19 ce. Abokina ya ce shiru da nutsuwar wurin su ma labari ne, kuma yana da gaskiyarsa. Muka koma ga jigon gasar muka sake karantawa, ya yarda cewa an ce ruwa da aiki, a hoton kuwa ruwa kaɗai ya zo. Ya sauko zuwa 72 da kansa, ba wanda ya tilasta shi. Aka haɗa 65 da 72 da 67 aka samu 204, aka raba uku, ya tashi 68.

Hoto mai lamba 31 shi ya zo na ɗaya, kuma na san da yawanku kun wuce shi ba ku tsaya ba. Wani dattijo ne durƙushe a bakin ƙaramar magudana da sassafe, ya toshe bakin tiyo da tafin hannu, yana shirin saukar da shi cikin gona don ruwa ya tsallaka da kansa ba tare da inji ba. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san wannan lokaci: in ka saki hannu da wuri iska ta shiga, ruwa ya yanke, ka sake daga fari. Mai hoton ya jira har daidai sa'ar da ruwan farko ya fara fita. Gefe guda ana ganin tiyo uku da suka riga suka kama suna zuba, a bayansu fangali biyu sun jiƙe sun yi duhu, sauran suna bushe suna jira. Cikin kallo ɗaya ka san inda ruwa ya fito, da wanda ya jawo shi, da inda za shi, da sauran aikin da ke gaban mutumin. Na ba shi 36 a labari.

Ba hoto ne marar aibi ba. Hazon hunturu ya dushe bayansa, sai na ba shi 16 a haske. Hannun dattijon ya ɗan motsa, kaifi ya ragu zuwa 7. A tsari ya samu 17, saboda mai hoton ya durƙusa shi ma, ya ɗauko daga tsayin idon manomin maimakon ya tsaya a kansa, kuma bai dasa shi a tsakiya ba, ya bar wa ruwan fili a gabansa. Bayaninsa ya faɗi gari da wata da abin da aka shuka, ya samu 9. Jimla 85. Sauran alƙalai suka ba shi 88 da 82, sai ya tsaya a 85 ba tare da gardama ba. Kun ga ke nan, ya sha kaye a hannun lamba 14 wajen haske da kaifi, da maki biyar, amma ya tsere masa da goma sha takwas a labari.

Na biyu da na uku sun yi kunnen doki, kuma da makin labari muka raba su, kamar yadda aka sanar tun farko.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙonku ku saurara kamar yadda ɗa yake sauraron ubansa. Akwai hotunan da ba su kai ga maki ba sam, an cire su tun a zagayen farko. Ɗaya na kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ne, kwanduna jere har iyakar gani. Da muka faɗaɗa shi sai muka ga kwando ɗaya mai karyayyen baki, da tumatir guda da ya gangaro gefensa, ya bayyana sau uku a wurare uku. An kwafa an liƙa ne don kasuwa ta ƙara cika. Ɗana, Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir ba ta buƙatar ka ƙara mata kwando. Wani kuma ya kawo gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tsauni ya ce Kadawa ce, alhali duk wanda ya taka Kadawa ya san shimfiɗaɗɗen fili ce. Ba mu muka ƙirƙiro wannan tsanani ba. A gasar World Press Photo ta birnin Amsterdam, a shekarar 2015, an cire kashi ashirin cikin ɗari na hotunan da suka kusa kaiwa ƙarshe saboda an taɓa su fiye da kima, kuma ƙwararru ne masu su. Gyaran haske kaɗan da datse gefe mun yarda da su. Ƙara abin da babu, ko share abin da ke akwai, ko da leda ce a bakin kanal, ba mu yarda ba. Ledar ma tana cikin labarin.

Akwai kuma wanda ya leƙa ta saman katanga ya ɗauki mata suna turara shinkafa a cikin gida. Da a maki ne da ya yi nisa, don tururi da hasken safiya sun haɗu masa. Amma babu alamar sun san ana ɗaukarsu, kuma da magatakarda ya tambaye shi ya amsa cewa bai nemi izini ba. Mun cire shi, kuma ko gobe aka kawo irinsa zan sake cirewa. Ka yi sallama, ka gaida masu gida, ka faɗi inda hoton zai je. In sun ƙi, ka yi godiya ka tafi. Tuna cewa kai ma kana da uwa da ƙanne mata.

Sauran asarar maki ta ƙananan abubuwa ce da ke hannunku. Da yawanku kun turo hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuwa yana matse shi ya rage girmansa, ya kuma goge bayanan da waya ke ajiyewa a cikinsa na rana da sa'a. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya, da muka buɗe shi a babban allo sai ganyen albasa ya zama kamar an shafa shi da yatsa. Ku riƙa turowa ta Document, kuma ku ajiye na asali, don shi muke nema idan shakka ta taso. Ku daina jawo abu da yatsu biyu a kan allo, ku taka ku matsa kusa. Ku goge gilashin kyamara kafin ku ɗauka, ƙurar hunturu da maiƙon hannu sun cinye wa mutane da dama makin kaifi. Tumatir kuma kada ku ɗauke shi da tsakar rana: jan yana ƙonewa ya zama faci ɗaya, fuskar mai tsinka kuma ta ɓace a inuwar malfa. Awa ɗaya bayan fitowar rana, ko bayan la'asar, shi ne lokacinsa.

Ban ba kowa maki don tsadar wayarsa ba, ba ma a gaya mana da me aka ɗauki hoto ba. Takardar makin kowane ɗayanku tana wurin magatakarda, kashi-kashi, da ɗan bayanin da kowane alƙali ya rubuta. Ku je ku karɓa ku duba inda kuka zube. Wanda ya ga kuskuren lissafi ya kawo, za mu gyara a gaban kowa. Mai lamba 14 kuma, ina so ka koma wurin nan da ka tsaya, a irin wannan sa'a, ka jira har masu ban ruwa su taso daga gona su biyo bakin kanal, sannan ka ɗauka ka kawo mini in gani. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa noman bana albarka.

Wassalam, daga babanku, ɗaya daga cikin alƙalan gasar.