Idan Aka Tambaye Ka Nawa Kake Ɗauka

Ɗana, ranar da ka zauna gaban masu ɗaukar ma'aikata suka ce, "Nawa ake biyan ka a inda kake yanzu?", kada ka yi gaggawar amsawa. Tun kafin a kira ka an riga an ware wa kujerar nan kuɗinta. Mai tambayar yana neman inda zai fara taya ka ne, kamar mai saye a kasuwa da ya ce sai ka faɗa masa nawa ka saro kayan.

A ce naira 200,000 kake ɗauka a wata, su kuma sun ware 400,000. Da ka faɗi naka, sai su ɗora kashi 20 cikin ɗari, su ba ka 240,000. Ka tafi gida kana murna, alhali ka bar musu 160,000 duk wata, wato kusan miliyan biyu a shekara. Asarar ba ta tsaya nan ba. Dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta ce kai ka zuba kashi 8, wanda ya ɗauke ka aiki ya zuba kashi 10, kuma daga albashinka ake lissafin duka biyun. Ƙarin da za a yi maka baɗi ma a kan wannan ƙaramin adadin za a ɗora shi.

To, me za ka ce? Cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, aikin da nake yi can ya bambanta da wannan. Nawa kuka tanadar wa wannan matsayi?" Daga nan ka yi shiru, ka bar su su yi magana. Idan suka mayar maka da tambayar, faɗi abin da kake nema: "Ina sa ran tsakanin 380,000 da 450,000." Ka tabbata ƙasan adadin abu ne da za ka karɓa da zuciya ɗaya, domin a nan za su so su tsaya. Shi ya sa kafin ranar ka tambayi masu irin wannan aiki nawa ake biyan su.

Wasu za su dage. In ka ga babu makawa, kada ka faɗi abin da ke shiga asusunka kawai. Faɗi jimillar albashin kafin a cire haraji da fansho, ka haɗa da kuɗin gida, na sufuri, na hutu da inshorar lafiya, sannan ka sake maimaita abin da kake nema.

Amma ina gargaɗinka, kada ka ƙara ko kwabo a kan gaskiya. Sau da yawa sukan nemi takardar albashi ko bayanin banki, kuma wanda aka kama da ƙarya tun a bakin ƙofa ya rasa aikin, ya zubar da mutuncinsa. Duk abin da kuka daidaita a kai, ka nemi a rubuta maka shi a takardar ɗaukar aiki kafin ka ajiye wanda ke hannunka.