Gani Ya Kori Ji

Da Bahaushe ya ce gani ya kori ji, ba cewa ya yi mai ba da labari maƙaryaci ne ba. Nufinsa shi ne labari yana raguwa a hanya, kuma wanda ya je da ƙafarsa ya fi wanda aka faɗa wa. Ɗalibanmu da ke karatu a waje su suka fi kowa bukatar wannan magana, domin shawarar da suke ba masu zuwa ita ce ake kashe kuɗi a kanta.

A ce wani magidanci a Jiddari Polo, nan Maiduguri, zai tura ɗansa karatu Azhar. Sai ya tambayi maƙwabci, wanda ɗansa ya gama ya dawo tun 2022. Ɗan maƙwabcin kuwa da zuciya ɗaya zai ce: "Baba, ɗaki a Hayyul Ashir kuɗinsa kaza ne, dala kaza ta ishe shi wata uku." Bai yi ƙarya ba, ya gani da idonsa. Sai dai tun bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, jama'a suka kwarara Alƙahira, haya ta yi tashin gwauron zabo. Sannan a ranar 6 ga Maris, 2024, Masar ta saki kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50. Lissafin da uban ya yi a kan tabarma ya rushe tun kafin ɗansa ya hau jirgi a Kano. Ashe gani ma yana tsufa, kuma idan ya tsufa ji yake komawa.

Saboda haka dokar farko ga duk ƙungiyar ɗaliban da ke karɓar baƙi ita ce kada a karɓi shawara sai da kwanan wata da sunan wanda ya gani. "An ce haya ta yi sauƙi a Darrasa" ba labari ba ne. Labari shi ne mutum ya ce ni na kama gida a wuri kaza, a watan kaza, ɗaki biyu, mu huɗu, ga abin da muka biya. Ya kuma faɗi duka: kuɗin wata, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa wanda suke kira ta'amin, da ladan dillali, da ko wuta da gas suna ciki. Yawancin baƙin da suka tagayyara a makon farko, kuɗin wata kaɗai aka gaya musu, suka iso aka ce sai sun ajiye kusan ninki biyu ko uku kafin a ba su makulli. Haka kuma a tambayi mai gida tun da wuri ko zai yarda a kai takardar haya ofishin Shaharul Aƙari a buga mata hatimi, don ana iya neman ta wajen yin iƙama.

Maganar iƙama kuwa ta fi ta haya saurin ruɓewa. Shekaru da yawa kowa ya san Mugamma ta dandalin Tahrir ake zuwa, amma a 2019 aka mayar da babban ofishin fasfo da shige da fice Abbasiyya. Wanda ya bi tsohon kwatance, wuni guda ya tafi a banza. A nan ƙa'idar ita ce, duk wanda ya je ya dawo ya faɗa wa sakataren ƙungiya takardun da aka nema a ranar, da kuɗin da ya biya, a goge na baya gaba ɗaya. Barin tsoho kusa da sabo shi ke rikita baƙo, don bai san wanda zai ɗauka ba. A ganina duk bayanin kuɗi da ya wuce wata uku ba a sake tabbatar da shi ba, a cire shi.

Akwai wata magana mai wuyar faɗa. Wani ɗalibin da ke yabon gida yana da kamasho a wajen dillali, wani kuma abokin zama yake nema ya rage masa nauyi. Ba laifi ba ne, amma ya faɗa a fili. Kuma kunya kada ta hana ƙarami gyara wa babba. Wanda ya shekara bakwai a gari sau da yawa ya manta yadda ake sauka, wanda ya zo watan jiya shi ke da sabon gani.

Iyayen yara, kafin ku tura kuɗin gida, ku sa wani ɗalibi da kuka amince da shi ya shiga ɗakin, ya buɗe famfo, ya ga mai gidan da takardar hayar, sannan ku biya.