Launin Fata da Ƙabila: Ina Bambancin?

Ƙannena na kolej da lise, a darasin tarihi kuna cin karo da kalmomi biyu na Faransanci, ras da etini, kuma da yawa kuna ɗaukar su abu guda. Da Hausa, ta farko rabon mutane ce bisa launin fata da kamannin jiki. Ta biyu ita ce ƙabila.

Mu fara da ƙabila. Abin da ke haɗa ƴan ƙabila guda shi ne harshe, al'adu, tarihin da suke ba ƴaƴansu, da yarda cewa su ɗaya ne. Duk waɗannan koyon su ake yi. Jariri ba ya zuwa duniya da Hausa a bakinsa. In aka haifi yaro a Maraɗi aka kai shi goyo Dosso, Zabarmanci zai tashi da shi, amma fatarsa tana nan yadda ya gado ta. Shi ya sa ƙabila take da ƙofa. Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, Fulani da dama sun zauna a biranen Hausa, yau jikokinsu da yawa ba su jin Fulatanci. Dubi Abzinawa kuma: akwai farare, akwai baƙaƙe, harshensu guda.

Rabon launin fata daban yake. Wani ne ke kallon ka daga waje, ya dubi fata da gashi da hanci, ya sa ka cikin aji. Bai tambaye ka yaren da kake yi ba. Launin kansa gaskiya ne, ana gadon sa. Amma daga baƙi wuluk zuwa fari sol a hankali yake sauyawa, kamar yadda hasken yamma ke komawa dare. Iyakar da ake shatawa a tsakani, mutane ne suka shata ta.

Ga misali daga Afirka ta Kudu. A 1950 gwamnatin wariya ta yi dokar da ta wajabta a rubuta kowa cikin aji: fari, baƙi, ko ruwa biyu. Zulu da Kosa da Soto, kowa da harshensa, aka zuba su aji guda. In an yi shakka kan mutum, har fensir ake soka masa a gashi: in ya faɗo, gashin na farare ne, in ya maƙale, a'a.

A 1955 aka haifi Sandra Laing. Uwa da uba farare ne, ƴan ƙabilar Afirkana, amma ita ta fito da fata mai duhu da gashi mai murɗe. A 1966 hukuma ta maida ta ajin ruwa biyu, aka kore ta daga makarantar farare. Mahaifinta ya yi ta kai ƙara. A 1967 aka gyara doka, aka ce ɗan farare biyu fari ne, sai ta koma fara a takarda. To, me ya sauya a jikin yarinyar nan? Ko kaɗan. Harshenta da iyayenta da tarbiyyarta suna nan, wato ƙabilarta ba ta motsa ba. Ajinta na launi kuwa ya sauya sau biyu, da alƙalamin ma'aikaci.

Sai dai kada ku ce ke nan ƙabila ba ta da haɗari. Tana zama guba ranar da aka rufe ƙofarta, aka ce a jini take. A Ruwanda, Hutu da Tutsi harshensu guda, kuma a dā Bahutu da ya tara shanu yana iya zama Batutsi. Turawan Beljiyam suka ɗauke su jinsi biyu daban, suka rubuta wa kowa nasa a katin shaida, ɗa ya gaji na ubansa. A kisan ƙare dangi na 1994, katin nan ake dubawa a shingayen hanya kafin a kashe mutum.

Saboda haka in kun ji ana raba mutane, ku yi tambaya biyu. Abin da ake rabon da shi, koyon sa ake yi ko a jiki ake duba shi? Wa ya sa sunan, mai shi ko wani? Kuma in abokinka a aji ya ce ƴan ƙabila kaza duk maƙaryata ne, haka jininsu yake, ka tambaye shi: in aka ba gidanku jaririnsu goyo, ƙaryar wa zai koya?