Shekara ɗaya ta isa a auna manomi?

A Kornaka ba a yi wa mutum kirarin babban manomi don damina ɗaya ta yi masa kyau. Ana jira a ga rumbunsa a shekarar da ruwa ya ɗauke. Hukuma kuwa ƙidayarta wata goma sha biyu ce, ta rufe littafi ta buɗe sabo. To ƴan uwa, wane ma'auni ne ya fi kusa da adalci?

Mu ɗauki misali, alƙaluman na ƙirƙira ne don lissafi ya fito. A ce doka ta yafe jikka 500 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, abin da ya hau bisa kuma a cire kashi 20 cikin ɗari. Ga mai albashi da ke samun jikka 600 kowace shekara. Jikka 100 ne suka ɗara iyaka, sai ya biya jikka 20, a shekara uku jikka 60. Ga manomi kuma: bara waccan hatsi da wake sun yi, ya samu jikka 1.200, bara 500, bana fari ya bar masa 100. In ka haɗa, shi ma jikka 1.800 ne, daidai da mai albashi. Amma a shekarar albarka jikka 700 suka ɗara iyaka, aka karɓe masa jikka 140. Samu ɗaya, haraji ya fi ninki biyu. Laifinsa kawai shi ne arzikinsa bai zo a jere ba, alhali ba shi ke sako ruwa ba.

Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ba manomi damar haɗa shekaru a raba. A Faransa yana iya zaɓar a ɗora masa haraji bisa matsakaicin samun bana da na shekaru biyu da suka wuce. A Ingila tun 2016 ana iya haɗa har shekaru biyar. Manominmu da an raba jikka 1.800 ɗinsa gida uku, da ya koma kan 600, kamar mai albashi.

Sai dai akwai tarko, kuma nan ne maganar ta yi nauyi. Duba shekara ta uku. Hannunsa jikka 100 ne, amma takarda ta ce matsakaicinsa 600, don haka sai ya biya jikka 20, kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ya samu, a shekarar da da ba a taɓa shi ba. Lissafin ya ɗauka cewa rarar shekarar albarka tana nan a ajiye. Tana nan kuwa? Wanda ya san ƙauyukanmu ya san inda take tafiya: bashin da aka ci lokacin noma, auren ɗiya, suna, magani, ɗan uwan da ya zo da buhu wayam. Shi ya sa dabarar Amurka ta fi kwanta mini. Can manomi ne ke zaɓa a shekarar da ya samu da yawa, ya maida wani kaso na samun baya, bisa shekaru uku da suka wuce, harajin bana ya sauka. Shekarar wahala ba a bi shi da ribar da ta riga ta shige. Faransa ma a 2019 ta kawo wata dabara: manomi ya ajiye kuɗi a shekara mai kyau a rage masa haraji, in ya ɗebo su daga baya a lissafa. Rumbu ne dai aka kai banki.

Mu nan fa? Lanhon da mai gari ke tattara wa komin kuɗin kai ne, bai tambayar dami nawa ka ɗaure. Wani zai ce ai shi ma daidaitawa ce, tunda bai hawa bai sauka. Ban yarda ba. Kuɗi ɗaya ne, amma tiya nawa ce? A kaka mai kyau ka saida kaɗan daga rara ka biya. A shekara irin 2005, bayan fari da fara na 2004 sun cinye gonakin yankin Dakoro, ko sisi ka fitar daga bakin yara ka cire shi. Zakkar hatsi ita tana bin girbi, wanda bai kai nisabi ba babu komai a kansa.

Haɗa shekaru yana buƙatar littafi, mu kuwa damunanmu a ka muke riƙe su. Ran da hukuma za ta fara auna samun manomi, wanda ya iya nuna shekarunsa uku a rubuce shi ne zai iya jayayya da ita. Littafin lakwal guda ya isa: shekara, gona, dami nawa, kuɗin tiya ran da aka saida. A gidaje da yawa mu ne kaɗai ke da biro a aljihu.