Kafin Ka Sa Hannu, Duba Ƙananan Kalmomin Nan

'Yan uwa ma'aikata, masu gadi da direbobi, masu aiki a bakin inji, mata masu ɗinkin buhu da masu shara a ofis, ku ɗauko takardar nan da aka ba ku ranar da aka ɗauke ku aiki. Na san inda idonku ya fara sauka ran nan: kan adadin albashi. Daga nan sai sa hannu, sai ninkewa, sai ƙarƙashin akwati. To ku ɗauko ta, don abin da zai raba gardama tsakaninku da mai kamfani ranar da rai ya ɓaci yana cikin wasu ƙananan kalmomin Turanci da ba su wuce haruffa uku zuwa shida ba: *may*, *must*, *shall* da *should*. Ba sai ka yi digiri za ka gane su ba. Mutumin da ke jin sautin inji ya ce bel ya saki, ko ya lissafa kuɗin obataim da ka kafin akawu ya gama danna na'ura, kalmomi huɗu ba za su gagare shi ba.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san farilla daban, mustahabbi daban, abin da aka halatta kawai shi ma daban. Ka bar farillar alwala, alwala ta ɓaci. Ka bar mustahabbi, lada ka rage, amma ka yi salla abinka. Turancin takarda ma haka ya kasa ayyuka. *Must* da *shall* su ne dole da tilas. *Should* shi ne ya kamata. *May* kuwa an yarje maka, in ka ga dama ka yi, in ba ka ga dama ba babu mai kama ka. Kowaccensu tana zuwa ne daf da kalmar aikin, bayan an ambaci mai aikatawa, don haka duk inda ka ci karo da ɗaya, tambaya biyu za ka yi: wace ce a cikinsu, kuma wa aka ambata kafin ta, ni ko kamfani?

A kan *may* aka fi cin ma'aikaci, don haka a nan za mu daɗe. A ce an rubuta maka: *The company may pay an annual bonus.* Kai da ka karanta, kalmar garaɓasar ƙarshen shekara ce ta cika maka ido, har ka fara cin bashi a shago da niyyar biya a Disamba. Amma jumlar ba ta yi maka alkawarin ko sisi ba. Cewa ta yi kamfani yana da ikon bayarwa in ya so. Ikon nasa ne, zaɓin nasa ne. Da an sa *shall* a gurbin *may*, da kuɗin sun zama bashi a wuyan kamfani, kana iya tsayawa ka ce a biya ka. Kalma ɗaya ce ta raba kyauta da haƙƙi.

Sannan *may* tana da fuska ta biyu, wato yiwuwa, abin da muke cewa wataƙila ko mai yiwuwa. In makanike ya ce injin *may* tsaya, ba izini ya ba injin ba, gargaɗi ya yi. Mahallin magana ne ke nuna wacce ake nufi. Inda abin ke da daɗin ji amma da ƙaya a ciki shi ne irin *You may be transferred to any branch.* Sunanka ne a gaba, har ka ɗauka ko dai labarin abin da ka iya faruwa ake ba ka, ko kuma dama ce aka ba ka. Alhali da ka sa hannu, ka yarje musu ne su ɗauke ka daga Kano su kai ka Fatakwal ba tare da sun sake neman yardarka ba. Alamar ita ce ƙaramar kalmar *be* da ta biyo baya: tana nuna kai za a yi wa aikin, ba kai za ka yi ba.

*Shall* kuma makaranta ce ta rikita mu a kanta. A firamare an koya mana cewa kalmar gobe ce, kamar mu ce zan yi ko za mu yi. A bakin mai hira haka ne, amma a cikin doka da yarjejeniya umarni ce. Ku duba Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 7 ya ce mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika da fara aiki, kuma da *shall* aka faɗa. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata goma sha biyu a jere hutun aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi, shi ma da *shall*. Saboda haka in ka je neman hutunka, ka daina murza hula kana "a taimaka, ranka ya daɗe" kamar mai roƙon sadaka. Ka gaishe shi da ladabi, ladabi ba ya rage kowa, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka da muryar wanda ya zo karɓar nasa.

Ga misali, mu bi shi daki-daki. Mai gadi ne, albashinsa naira 80,000 a wata, ya yi shekara biyu da wata huɗu a bakin ƙofa ɗaya. Wata safiya manaja ya kira shi ya ce daga yau an sallame shi, ya ajiye yunifom ya tafi. Babu laifin da aka ambata, babu takarda. Da ya yi magana, sai aka ce masa ai doka ta ba kamfani damar sallamar ma'aikaci. Gaskiya ne, amma rabinta aka faɗa. Sashe na 11 ya fara da *may*: kowanne ɓangare, kamfani ko ma'aikaci, yana iya yanke yarjejeniya bayan ya ba da notis. Wannan izini ne, kuma na su biyu ne. Da aka zo tsawon notis ɗin, sai kalmar ta koma *shall*. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Daga sama da wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata guda. Kuma duk notis da ya kai mako dole ya zama a rubuce.

Mai gadinmu ya faɗa a rukunin mako biyu. Ko dai a ba shi rubutaccen notis ya ci gaba da aiki ana biyansa har wa'adin ya cika, ko a biya shi kuɗin mako biyun a madadin notis, kusan naira 40,000 ke nan in duk albashin nasa tsurarsa ne, domin ba a sa alawus da obataim a wannan lissafi. Wannan ban da kwanakin da ya riga ya yi aiki a watan. In kuma takardarsa ta ce notis ɗin wata guda ne, to kamfani shi ya ɗaure kansa da hannunsa, sai ya cika. Manajan ya karanta masa *may* ya haɗiye *shall*. Da mai gadin ya san bambancin, da tambaya ɗaya ta ishe shi: yallaɓai, ina takardar notis ɗin?

Kada dai a ɗauki wannan a matsayin laya. Wanda aka kama da babban laifi, kamar sata, ana iya korarsa nan take babu notis. Dokar ma ba kowa ta kira ma'aikaci ba: ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu, ta cire manajoji da ƙwararru masu manyan muƙamai, waɗanda dogaronsu yana kan takardarsu da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Alƙalai kuma wani lokaci sukan duba manufar doka gaba ɗaya su ce *may* a wani wuri tilas take nufi, musamman in an ɗora wa jami'in gwamnati aiki ne don amfanin talaka. Wannan aikin lauya ne. Naka aikin shi ne ka gane lokacin da ya dace ka nemi sakataren ƙungiya ko ofishin ƙwadago, maimakon ka koma gida ka ce ƙaddara ce.

*Should* ba ta da nauyin waɗancan, shawara ce mai ƙarfi. Kamfanin da ya rubuta cewa shugabannin sashe *should* su ba da kayan kariya ya bar wa kansa ƙofar fita, kuma ba kuskure ba ne in ka ga nauyin da ke kanka duk da *must* aka rubuta shi. Amma ku kula da wani tarko: in *should* ta zo a farkon jumla, kafin sunan mutum, ma'anarta idan. *Should you resign without notice, you must pay one month's salary.* Babu wanda ke ba ka shawarar ka ajiye aiki. Cewa aka yi idan ka ajiye babu notis, dole ka biya albashin wata guda. Nauyin yana rabi na biyu na jumlar, inda *must* take.

A bangon masana'anta kuma korewa ce ke ruɗa mutane, kuma a can kuskure yatsa yake ci. *Must not* hani ne, kada ka kuskura. *Need not* sauƙi ne, ba sai ka yi ba. *May not* a rubutun gargaɗi ko na doka ita ma hani ce, ba wataƙila ba. In ka ga *must not* a jikin inji, ko ubangidanka ne ya ce sa hannu ka ciro abin da ya maƙale, nuna masa rubutun, ka ce a kashe wuta tukuna.

Ku kuma shugabannin ƙungiya da ke zama teburin sulhu, nan ne wannan sani ke zama abinci. Sau nawa aka janye yajin aiki, aka yi kabbara, aka ɗauki hoto, bayan wata shida a ce ba a ga komai ba? A koma ga yarjejeniyar a duba. Sau da yawa za a tarar an rubuta hukuma *may* duba batun ƙarin girma, ko *should* yi ƙoƙarin biyan ariyas. Kafin ku sa hannu, ku ɗauki biro ku ja layi ƙarƙashin kowace ɗaya daga cikin kalmomin huɗu, shafi bayan shafi, ku raba na kanku da na kansu. Duk inda kuɗi ko hutu ko lafiyar jiki suke kuma aka sa *may*, ku nemi a mayar da ita *shall*, a sa adadi, a sa ranar biya. In suka yarda nan take, madalla. In suka ce ai duk ɗaya ne, ku miƙa musu biron, ku ce tunda ɗaya ne a rubuta wadda kuka zaɓa.